Gwajin bayan gida ko na numfashi: inda ake kuskure wajen neman ƙwayar gyambon ciki

Mutum ne ke fama da zafi a ƙahon zuciya, zafin da kan tashe shi tsakar dare, ya lafa idan ya sa wani abu a ciki, ya dawo da yunwa ta kama shi. Tun kafin ya ga likita ya riga ya raɗa wa abin suna, ya ce olsa ce. Wataƙila ita ce, wataƙila kuma ba ita ba ce, domin da yawa daga cikin masu irin wannan zafi idan aka leƙa cikinsu da na'ura ba a samun gyambo ko ɗaya. Amma akwai tambaya guda da za a iya amsawa ba tare da an zura wa mutum komai ta maƙogwaro ba: shin yana ɗauke da ƙwayar Helikobakta failori, wadda ake rubutawa H. pylori a takardar sakamako, ko ba ya ɗauke da ita?

Dalilin da ya sa ake fara yin wannan tambaya shi ne, gyambon ciki da na bakin ƙaramin hanji manyan sababansu biyu ne. Ɗaya wannan ƙwaya, ɗaya kuma magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibufurofen da dikilofenak. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka fara rainon ƙwayar a ɗakin gwaji a 1982, kuma aka ba su kyautar Nobel a 2005 saboda wannan aiki. Kafin su, ana ɗora laifin gyambo a kan damuwa da yawan asid, ana ba mutum maganin rage asid, gyambon ya warke, bayan wata shida ko shekara ya dawo. Da aka fara kashe ƙwayar sai dawowar ta ragu ƙwarai: daga fiye da rabin marasa lafiya cikin shekara guda zuwa ƙasa da ɗaya cikin goma.

Wannan hanya ta gwadawa a ba da magani ba tare da leƙen ciki ba, ba ta kowa ba ce. Wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin mai danƙo, ko yake ramewa ba dalili, ko abinci ke tsaya masa a ƙirji, ko yake amai ba ƙaƙƙautawa, ko aka same shi da ƙarancin jini, wannan endoskofi yake buƙata, wato a leƙa cikin da siririyar na'ura mai kyamara a kuma gutsuro ɗan nama a duba. Haka wanda ciwon ya fara masa bayan ya manyanta. Iyakar shekarun ta bambanta, wasu ƙungiyoyin likitoci sun sa ta a 50, wasu a 55, wasu a 60, kuma akan rage ta ga wanda uwa, uba ko ɗan'uwansa ya taɓa yin kansar ciki. Duk abin da za a faɗa nan gaba na wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ne.

Yadda kowane gwaji yake kama ƙwayar

Ƙwayar tana rayuwa a wurin da sauran ƙwayoyi ba sa iya zama, cikin majinar da ta lulluɓe bangon ciki, kuma dabararta wani sinadari ne da take fitarwa mai suna yuriyes. Aikinsa ya farfasa yuriya, wani sinadari da jiki ke fitarwa a fitsari, zuwa amoniya da iskar kabon. Amoniyar tana kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ƙwayar, ta yi mata rumfa. Gwajin numfashi wannan dabarar tata ya juya mata. Mutum zai zo bai ci komai ba na wasu awoyi, yawanci huɗu zuwa shida, gwargwadon abin da ke rubuce a kayan gwajin. Zai fara hura iska cikin wata 'yar jaka ko kwalba, a rufe, a ajiye, wannan shi ne ma'aunin farko. Sai a ba shi yuriya, yawanci miligiram 75, wadda aka yi wa alama da wani nau'in kabon mai ɗan nauyi, kabon 13, haɗe da ruwa mai tsami. Tsamin ba don daɗi aka sa shi ba: yana rage saurin fitar abin daga ciki, yana kuma ƙara ƙarfin aikin yuriyes ɗin ƙwayar. Bayan minti 15 zuwa 30 sai ya sake hurawa a jaka ta biyu. Idan ƙwayar tana nan, ta farfasa yuriyar, kabon mai alamar ya shiga jini, ya fito ta huhu, na'ura ta ga bambanci tsakanin jakar farko da ta biyu. Idan babu ita, yuriyar ta wuce salin alin ta fita ta fitsari.

Akwai wani nau'in da ake yi da kabon 14, wanda ake haɗiya a kafso a hura bayan kamar minti 10. Yana da ɗan tururin radiyeshin, kaɗan ƙwarai, bai kai abin da mutum ke samu daga muhallinsa a yini guda ko makamancin haka ba, amma duk da haka an saba kauce masa ga mai juna biyu da ƙananan yara. Na kabon 13 ba shi da radiyeshin ko kaɗan.

Gwajin bayan gida kuwa ba aikin ƙwayar yake aunawa ba, ɓurɓushin jikinta yake nema, abin da ake kira antijin, wanda ke saukowa daga ciki ya bi hanji ya fito. Ba ya buƙatar zama da yunwa. Ana ɗiban ɗan kaɗan, kamar kan ɗan yatsa, da ɗan cokalin da ke manne a murfin kwalbar, kada ya haɗu da fitsari ko ruwan masai. Matsalarsa ita ce zafi da jinkiri. Kwalbar da ta yini a aljihu ko a cikin mota antijin ɗinta ya fara lalacewa. Idan ba za a kai ɗakin gwaji cikin 'yan awoyi ba, sai a sa a firji, inda za ta iya kai kwana uku, fiye da haka kuma sai an daskarar. Gudawa mai ruwa-ruwa ma tana tsarma antijin ɗin, har a rasa shi alhali yana nan.

Sannan gwajin bayan gida kansa iri biyu ne, kuma ba a cika gaya wa mai ciwo wanne aka yi masa ba. Akwai wanda ake yi da na'ura a ɗakin gwaji, da sinadarin kamawa na zamani da ake kira monokulonal. Wannan kafaɗa da kafaɗa yake da gwajin numfashi: cikin masu ƙwayar 100 kowannensu yana kama kamar 94 ko 95, kuma ba safai suke ɗora wa marar ƙwayar laifi ba. Akwai kuma na gaggawa, ɗan faifai mai fitar da layi ɗaya ko biyu cikin minti 10 zuwa 15, kamar na gwajin juna biyu. Ingancin wannan ya danganta da kamfanin da ya yi shi da idon wanda ya karanta, kuma layi na biyu idan ya fito dishi-dishi mutum biyu za su iya saɓani a kansa. Yana da amfani inda babu wani, amma sakamakonsa na "babu" ga wanda alamominsa suka yi ƙarfi bai kamata a rufe magana da shi ba.

To wanne za a zaɓa? Idan duka biyun na ƙwarai ne, wanda ya fi saukin samu. Ƙaramin yaro da ba zai iya hura jaka yadda ake so ba, bayan gida ya fi masa. Wanda aka taɓa yanke wa wani sashe na ciki, yuriyar kan wuce da sauri kafin ƙwayar ta taɓa ta, don haka shi ma numfashi ba ya yi masa daidai. Wanda ke ƙyamar ɗiban bayan gida, kuma suna da yawa, har ya riƙa ɗage ranar kaiwa, gara a yi masa na numfashi a gama a zama ɗaya. A gaskiya muhawarar wanne ya fi ba ta kai rabin muhimmancin wata tambaya da ake mantawa ba: me mutumin nan ya sha cikin makonni huɗun da suka wuce?

Kafin a shiga wannan, kalma ɗaya kan gwajin jini, tunda shi ake yawan yi saboda sauƙinsa. Jini ba ƙwayar yake nunawa ba, sawun faɗan da garkuwar jiki ta yi da ita yake nunawa, kuma wannan sawu yakan zauna watanni ko shekaru bayan ƙwayar ta mutu. Idan ya ce babu, akwai ƙamshin gaskiya. Idan ya ce akwai, bai bambance ta yau da ta shekara biyar da suka wuce ba. Ana samun mutanen da aka yi ta ɗura wa magani zagaye uku, huɗu, don kawai jininsu ya ƙi canzawa, alhali tun zagayen farko an gama da ƙwayar. Ba a tabbatar da warkewa da gwajin jini, ko kusa.

Mako biyu da mako huɗu

Magungunan rage asid masu ƙarfi, dangin omefirazol, wato esomefirazol, fantofirazol, lansofirazol da rabefirazol, ba sa kashe ƙwayar amma suna danne ta. Yawanta ya ragu, aikin yuriyes ɗinta ya yi sanyi, ta kuma ƙaura daga ƙasan ciki zuwa samansa. Sai gwaji ya zo ya ce babu. A wasu binciken da aka yi, kusan ɗaya cikin uku na masu ɗauke da ƙwayar sun fito babu yayin da suke kan irin wannan magani, kuma da suka daina na mako biyu sakamakon ya koma akwai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko da na haƙori ne ko na fitsari, da kuma bismut da ke cikin wasu magungunan ɓacin ciki, sun fi haka dannewa, kuma ƙwayar ta fi daɗewa kafin ta farfaɗo. Daga nan ƙa'idar ta fito: a daina dangin omefirazol kwana 14 kafin gwaji, antibayotik da bismut kuma kwana 28. Ƙa'idar ta shafi numfashi da bayan gida duka, har ma da naman da ake gutsurowa a endoskofi.

A lura kuskuren gefe ɗaya yake. Wanda ke kan omefirazol aka gwada shi aka ce akwai, to akwai ɗin ce, a ba shi magani. Sakamakon "babu" ne kawai maganin ke ɓatawa. Zubar jini daga gyambo ma haka yake yi, shi ya sa wanda aka gwada a lokacin da yake zubar jini aka ce babu, ake sake gwada shi bayan ya samu sauƙi.

A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara 38. Wata uku ke nan yana fama da zafin ƙahon zuciya, ba ya ramewa, ba amai, ba baƙin bayan gida, ba ya shan maganin ciwon jiki. Mako uku yana shan omefirazol miligiram 20 kullum da safe, da kansa ya fara. Da aka ƙara bincikarsa sai ya tuna kwana 10 da suka wuce ya gama shan amoksisilin saboda ciwon haƙori. Bai faɗa tun farko ba don a ganinsa haƙori daban, ciki daban. Idan aka ɗebi bayan gidansa yau aka ce babu, an yi asarar gwajin, kuma abin da ya fi asarar muni shi ne zai tafi da takarda a hannu mai cewa ba shi da ƙwayar. Lissafin da ya dace shi ne: antibayotik yana buƙatar kwana 28, an ci 10, saura 18. Omefirazol yana buƙatar 14. Don haka ranar gwaji kwana 18 daga yau, kuma ko ya daina omefirazol yau ko nan da kwana huɗu duk ɗaya ne.

Wahalar tana cikin waɗannan kwanaki 14. Ciki da aka saba danne masa asid, idan aka saki, yakan yi ramuwar gayya, zafin ya fi na da, kuma a nan mutane da yawa ke komawa su sha ƙwaya ɗaya ko biyu a ɓoye su ɓata lissafin. Ana cike giɓin da ruwan maganin ƙwannafi na alminiyam da magnisiyam, wanda ba ya taɓa sakamako matuƙar babu bismut a ciki, ko da famotidin, wani maganin rage asid da bai kai omefirazol ƙarfi ba, miligiram 20 sau biyu a rana, wanda tasirinsa a gwajin kaɗan ne. Wasu ɗakunan gwaji suna so a ajiye famotidin ɗin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Wanda kuwa likita ya ɗora a kan omefirazol saboda ya taɓa zubar jini, ko don yana shan asfirin na zuciya, kada ya daina da kansa don gwaji.

Kwana 18 suka cika, aka gwada mutumin, aka ce akwai.

Magani

Babu magani ɗaya tilo da ke kashe wannan cuta. Tana ɓoye cikin majina inda magani ba ya isa sosai, asid yana lalata wasu magungunan kafin su yi aiki, kuma tana saurin koyon bijire wa magani idan aka tunkare ta da guda ɗaya. Shi ya sa ake haɗa uku ko huɗu, kuma yanzu an fi tsayawa a kan kwana 14, domin na kwana 7 da aka saba a da yana barin da yawa a baya. Omefirazol ɗin da aka hana shi kafin gwaji yanzu ya dawo, sau biyu a rana, kuma ba don rage zafi kawai ba. Idan asid ya yi ƙasa ƙwayar takan saki jiki ta fara hayayyafa, kuma a lokacin hayayyafa ne magani irin amoksisilin ke kama ta. Ana shan sa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin abinci. Shan sa bayan an ƙoshi yana rage masa ƙarfi.

Haɗin da aka fi sani shekara da shekaru shi ne na uku: maganin rage asid, amoksisilin giram 1, da kilaritiromaisin miligiram 500, kowanne sau biyu a rana. Yana da sauƙin sha, kuma shi ne ke zuwa a shirye cikin kwali ɗaya. Illarsa ita ce duk ƙarfinsa ya rataya a kan kilaritiromaisin, kuma ƙwayar ta bijire wa wannan magani a ƙasashe da yawa. Idan ta bijire, ƙara yawansa ba ya amfani, nasarar haɗin takan faɗo ƙasa da rabi. Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kai ita ce kada a ba da shi a makance a yankin da bijirewar ta haura kashi 15 cikin 100. A matakin mutum ɗaya kuma tambaya ce mai sauƙi: ka taɓa shan kilaritiromaisin, azitiromaisin ko eritiromaisin, ko da shekarun baya ne, ko da don tari ne? 'Yan gida ɗaya ne, wanda ya sha ɗaya mai yiwuwa ya riga ya koya wa ƙwayar cikinsa yadda za ta kauce wa sauran.

Mutumin namu ya ce an taɓa ba shi azitiromaisin sau biyu saboda ciwon ƙirji. Wannan ya cire haɗin uku daga lissafi. Aka ɗora shi a kan haɗin huɗu mai bismut: omefirazol miligiram 20 sau biyu, bismut sau huɗu, tetirasaikilin miligiram 500 sau huɗu, metironidazol miligiram 500 sau uku. Ƙwaya 13 ke nan a yini, 182 cikin kwana 14, kuma idan tetirasaikilin ɗin na miligiram 250 ne adadin ya ƙaru da huɗu kullum. Gara a faɗa wa mutum wannan adadi tun ranar farko, a rubuta masa jadawali na karin safe, rana, yamma da lokacin kwanciya, da ya je gida ya zazzage leda ya tsorata. Dalilin da ya sa wannan haɗi ke aiki duk da wahalarsa shi ne ƙwayar ba ta bijire wa bismut, ba safai take bijire wa tetirasaikilin ba, kuma bijirewar da take yi wa metironidazol ana iya rinjayarta da cikakken adadi da cikakken kwana 14. Sauya tetirasaikilin da doksisaikilin don an rasa shi, abin da ake yawan yi, yana rage nasara.

Abubuwan da zai gani a jikinsa, idan ba a gargaɗe shi ba, su za su sa ya ajiye maganin a kwana na biyar. Bakinsa zai yi ɗaci kamar ya tsotsi ƙarfe, aikin metironidazol ke nan. Zai iya jin tashin zuciya da laushin ciki. Harshensa na iya yin duhu, bayan gidansa kuma zai koma baƙi saboda bismut. Wannan na ƙarshen yana buƙatar bayani dalla-dalla, tunda an riga an gaya masa baƙin bayan gida alamar jini ce. Na bismut baƙi ne mai ɗan toka-toka ko kore-kore, a siffarsa ta kullum, warinsa bai canza ba, mutum kuma garau yake jin kansa. Na jini kamar kwalta yake, mai danƙo da sheƙi, yana manne wa masai, warinsa ba ya ɓoyuwa, kuma sau da yawa yana zuwa da jiri idan an miƙe tsaye da bugun zuciya da sauri. Wanda ya ga na biyun asibiti zai nufa a ranar. Haka wanda fatarsa ta feso da ƙuraje, ko fuska ta kumbura, ko gudawa ta tsananta da zazzaɓi.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da ke da tasiri. Madara, maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da ruwan maganin ƙwannafi suna riƙe tetirasaikilin a hanji su hana shi shiga jiki, don haka a raba su da shi da aƙalla awa biyu. A haɗiye shi da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta nan take, don yana iya ƙona maƙoshi idan ya maƙale. Giya ba ta haɗuwa da metironidazol har kwana biyu zuwa uku bayan an gama. Taba sigari tana rage nasarar maganin kuma tana jinkirta warkewar gyambo. Ba a ba mai juna biyu ko yaro ƙasa da shekara takwas tetirasaikilin, kuma mai ciki galibi akan jinkirta mata maganin gaba ɗaya har ta haihu. Wanda za a ba kilaritiromaisin kuma a duba ko yana shan simbastatin na rage kitse ko wani maganin bugun zuciya, don ba sa jituwa.

Zafin kan ɗauke tun kwana na uku ko na huɗu, kuma wannan tarko ne. Omefirazol sau biyu a rana zai kwantar da kusan kowane zafin asid, ko ƙwayar ta mutu ko ba ta mutu ba. Wanda ya tsaya a nan ya kashe masu rauni ya bar masu taurin kai, kuma zagaye na biyu zai fi na farko wuya.

Sake gwaji

Ko an sha maganin yadda ya kamata, tsakanin ɗaya zuwa biyu cikin kowane goma ƙwayar na tsira, kuma jiki ba ya faɗa. Akwai wanda ya warke sarai amma zafi bai bar shi ba, akwai wanda zafi ya tafi amma ƙwayar na nan tana jiran ta sake huda masa ciki. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin tabbatattun masu jawo kansar ciki, ko da yake ƙalilan ne daga cikin masu ɗauke da ita ke kaiwa can. Don haka kowa da aka ba magani a sake gwada shi, da numfashi ko da bayan gida na na'ura, kuma ƙa'idar mako biyu da mako huɗu ta dawo daram.

Ga lissafin mutuminmu. Ya gama magani a kwana na 14. Kwana 28 bayan nan shi ne kwana na 42, kafin wannan rana duk "babu" da aka samu ba abin dogaro ba ne, domin ƙwayar da aka raunana ba a kashe ba tana buƙatar lokaci ta yawaita har gwaji ya gan ta. Idan likita ya ce ya ci gaba da omefirazol bayan antibayotik, zai iya sha har kwana na 28, ya tsaya, a gwada shi a na 42. Idan kuwa yana cikin waɗanda aka tabbatar da gyambo a jakar cikin kanta, waɗanda akan ba maganin rage asid har mako takwas, to zai daina a kwana na 56 a gwada shi a na 70. Jinkirin ba ya cutarwa, gaggawar ce ke cutarwa. Shi mai gyambon jakar ciki ma akan sake leƙa masa ciki bayan mako 8 zuwa 12 a ga gyambon ya rufe, saboda wani lokaci kansar ciki kan yi shigar gyambo. Gyambon bakin ƙaramin hanji ba ya buƙatar wannan. Mafi alheri a rubuta ranar sake gwajin a kan takardar maganin tun ranar da aka ba da shi, don wanda ya ji sauƙi ba ya dawowa da kansa.

Idan sakamakon ya sake cewa akwai, abu na farko a tambayi gaskiyar yadda aka sha maganin, ƙwaya nawa ta rage a leda, ba da faɗa ba. Na biyu, kada a maimaita haɗin da ya gaza. Kilaritiromaisin da lebofuloksasin idan sun gaza sau ɗaya an gama da su ga wannan mutum. Amoksisilin da tetirasaikilin ana iya sake amfani da su, tunda ƙwayar ba ta cika bijire musu ba. Wanda ya fara da haɗin uku sai a koma da shi haɗin huɗu mai bismut. Wanda ya fara da mai bismut, kamar mutuminmu, ana duba haɗin amoksisilin da lebofuloksasin miligiram 500 sau ɗaya a rana idan bai taɓa shan danginsa irin su sifurofuloksasin ba, ko haɗin amoksisilin da rifabutin, kowanne tare da maganin rage asid. A wasu ƙasashe akwai sabon maganin rage asid mai suna bonofirazan, wanda ya fi omefirazol ƙarfi da saurin aiki, ana haɗa shi da amoksisilin giram 1 sau uku a rana. Bayan gazawa biyu kuma lokacin canki-canki ya wuce, sai a leƙa ciki a ɗauko ƙwayar a gwada wane magani take ji. Wanda ya ce jikinsa ba ya karɓar fenisilin, dangin da amoksisilin ke ciki, ya cancanci a bincika maganar da kyau, domin da yawa daga masu faɗin haka idan aka gwada su ba a samun komai, kuma rasa amoksisilin yana rufe ƙofofi da dama.

Idan kuwa gwajin ya ce babu, kuma an kiyaye lissafin kwanakin, to an rabu da ita. Babba ba ya cika sake kamuwa, akasari tun ƙuruciya ake ɗaukar ta a cikin gida, ko da yake haɗarin ya fi yawa inda ruwan sha ba shi da tsabta ko ake zaune a cunkushe. Wadda ta sake bayyana cikin shekarar farko galibi tsohuwar ce da aka danne ba a kashe ba, sau da yawa don an yi gwajin tabbatarwa da wuri ko a kan omefirazol.

Saura wanda aka ce babu amma zafi na nan. Cikin masu ɓacin ciki da ba su da gyambo na zahiri, kamar ɗaya cikin goma ne kawai kashe ƙwayar ke raba su da ciwon gaba ɗaya. Ga sauran, sai a koma a duba ƙwannafi mai tasowa zuwa ƙirji, maganin ciwon jiki da ake sha ba a faɗa ba, tsakuwar matsarmama, ko cikin da ke da saurin jin zafi ba tare da rauni ba. Waɗannan kowanne da maganinsa, kuma babu wanda zagaye na uku na antibayotik zai yi wa amfani a cikinsu. Mataki na gaba ga irin wannan mutum shi ne a gwada ba shi omefirazol shi kaɗai na mako huɗu zuwa takwas, idan bai ji sauƙi ba ko wata sabuwar alama ta ɓullo, a tura shi endoskofi.